Tsarin muƙala a kan ambaliya a cikin birni: toshewar magudanai da yawan daɓe

Ɗaliba daga Gwale:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai da 'yan uwa. An ba mu aikin rubuta muƙala mai shafi shida a kan yadda toshewar magudanan ruwa da yawan shimfiɗa siminti da kwalta suke ƙara tsananta ambaliya a birane, kuma an ce kowa ya fara kawo tsarin aikinsa kafin ya shiga rubutu. Na zaɓi birnin Kano domin shi na sani. Na shirya in fara da gabatarwa wadda za ta bayyana ma'anar ambaliya da ire-irenta, sannan kashi na farko ya yi magana a kan zubar da shara a kwata, kashi na biyu a kan kwalta da siminti, kashi na uku a kan illoli kamar rushewar gidaje da zazzaɓin cizon sauro da kwalara, kashi na huɗu a kan shawarwari ga gwamnati da jama'a, daga nan sai kammalawa. Ina roƙon waɗanda suka san fannin su duba mini ko akwai abin da ya kamata in ƙara ko in rage.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tsarin naki a tsaftace yake, amma akwai abin da ya rasa, kuma shi ne abin da mai duba takarda zai fara nema. An tambaye ki yadda abubuwa biyu suke ƙara tsananta ambaliya, ke kuma kin ware wa kowanne ɗakinsa ba tare da kin nuna inda suka haɗu ba. Idan kika rubuta shi a haka, mai karatu zai gama ya san cewa shara ba ta da kyau, siminti ma yana da illa, amma ba zai san dalilin da ya sa unguwar da ba ta saba shan ruwa ba a shekarun baya yanzu ruwan awa guda yake shiga mata ɗakuna ba. Ki samo jimla guda wadda za ki kare tun daga shafin farko har na ƙarshe. Sannan ki rage kashin illoli ƙwarai, domin ba shi aka tambaye ki ba, kuma shi ne wurin da ɗalibai suke cika takarda da abin da kowa ya riga ya sani. Ma'anar ambaliya ma layi biyu sun ishe ta.

Tsohon Injiniya:
Na goyi bayan Malam, kuma zan ba ki jimlar da nake ganin za ta riƙe aikin: daɓe yana ƙara yawan ruwan da yake isa kwata da saurin isarsa, toshewa kuma tana rage abin da kwatar za ta iya ɗauka, ambaliya ita ce ragowar da ke tsakanin biyun. Idan kika yarda da wannan, kashin farko ya zama na ruwan da ke zuwa, na biyu na hanyar da zai bi, na uku kuma na haɗuwarsu a wuri guda da za ki zaɓa.

Ki fara da gida ɗaya, domin lissafinsa kowa zai iya bi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Fulotin da muke kira hamsin da ɗari yana da kusan murabba'in mita 450. Idan aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita 22,500 ce ta sauka a kan wannan fulotin, wato jarka 900 mai cin lita 25. A lokacin da fulotin yake da ɗakuna biyu ko uku da faffaɗar tsakar gida ta ƙasa da bishiyar darbejiya, abin da zai fita ta rariya bai wuce kashi uku cikin goma ba, kusan lita 6,750, sauran kuwa ƙasa ta shanye ko ya kwanta a ɗan kwari har ya tsane. Ranar da aka rufe fulotin da kwano daga katanga zuwa katanga, aka yi wa ɗan filin da ya rage daɓen siminti, kusan kashi tara cikin goma ne zai fita, wato lita 20,250. Girman ruwan saman bai canja ba, amma abin da gidan yake turo wa layi ya ninka uku.

Abu na biyu da ɗalibai kan manta shi ne lokaci. Ruwan da ya sauka a kan ƙasa yana jinkiri, yana cika ramuka, yana ratsa ciyawa. Wanda ya sauka a kan kwano yana bin indararo ya faɗo kan siminti, cikin 'yan mintuna yana bakin kwata. Saboda haka ruwan gidaje ɗari da a da yake isowa kaɗan-kaɗan, yanzu yana isowa a tare, kuma kwata ba jimillar ruwan yini take jin tsoro ba, abin da ya zo mata a minti goma mafi tsanani shi ne yake fin ƙarfinta.

Hajiyar Kurna:
Injiniya, ina da ja a kan wannan bayani, ko da yake ban yi karatunku ba. Layinmu babu kwalta ko taku ɗaya, ƙasa ce tun da aka yanka unguwar, amma duk damina sai mun ɗora katifu a kan tebur. Idan siminti da kwalta ne matsalar, mu me ya kawo mana? Ni abin da idona ya gani shi ne ledar fiya wata da robobin lemo da ƙunzugun yara na zamani da suke cika kwatar bakin titi, har akwai wata maƙwabciya da take jira hadari ya haɗo sannan ta aiko yara su juye kwandon shara a lambatu domin ruwa ya tafi da ita. Ina ganin yarinyar nan ta ba shara kashi mafi girma, domin ita ce gaskiyar abin da ke damunmu.

Tsohon Injiniya:
Hajiya, abin da kuka gani gaskiya ne, kuma tambayarku ta cancanci sakin layi guda a cikin muƙalar. Sai dai ina roƙon ku tsaya a ƙofar gida ku dubi layin daga sama. Kwalta ƙaramin kaso ce na abin da ya rufe ƙasa a unguwanninmu, mafi yawansa rufin kwano ne da daɓen tsakar gida. Layin ƙasar da ake takawa kullum, babura da 'yan adaidaita suna bi, ya daddale har ya kusa zama daɓe, ruwa ba ya shigarsa sai kaɗan. Ku haƙa shi da fartanya bayan an ɗauke ruwa, sau da yawa za ku tarar ƙasan ɗan yatsa guda a bushe yake. Kuma layin ƙasar yana da wani laifi na daban, domin shi ne yake ba kwata yashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin yashe kwata ya san cewa leda ce a sama, amma abin da shebur yake fitarwa mai nauyi yashi ne da laka. Leda da roba aikinsu shi ne su maƙale a bakin kwalbati su zama shinge, ruwa ya rage gudu, yashin da yake ɗauke da shi ya kwanta. Daga nan kowane ruwa sai ya ƙara wani a kan na baya.

Saboda haka, 'yata, kada ki rubuta toshewa kamar shara ce kaɗai. Ki raba ta uku a cikin sakin layi ɗaya: yashin da ke fitowa daga layukan ƙasa da tulin yashin masu gini da ake jibgewa a bakin hanya, sharar da ke kama bakin kwalbati, da kuma ginin da aka ɗora a kan magudanar ko bututun ruwa da aka ratsa ta cikinta.

Ɗan Yerwa:
Ni shawarata ita ce ta buɗe muƙalar da abin da ya same mu a Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin. Babu misalin ambaliya a birni da ya fi wannan girma a Arewa a 'yan shekarun nan, kuma duk malamin da ya ga ta fara da shi zai san ta yi bincike.

Malam Mai Alli:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Amma, ɗan uwa, wannan misali zai kai ta wani wuri daban. Ruwan Maiduguri daga madatsar Alau ya taho bayan ta ɓalle, ya biyo kogin Ngadda, kuma ko da an share kowace kwata a garin ranar, ba za ta ɗauke shi ba. Haka ambaliyar da ta biyo kogin Binuwai da Kwara a 2012 da 2022, haka ta Yamai a 2020 lokacin da kogin Kwara ya cika ya ƙetare shingensa. Waɗannan ruwa ne da ya taho daga nesa. Abin da aka tambaye ta shi ne ruwan da ya sauka a kan birnin kansa ya rasa hanyar fita. Zan so ta ambaci Alau a gabatarwa da jimla ɗaya tak, domin ta ce ba irin wannan take nufi ba. Idan misali take nema a Kano, ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta ɓata atamfofi da shaddoji ta fi dacewa, domin babu kogin da ya cika a wurin, ruwan sama ne da rufi da daɓe da magudanan da suka gaza.

Ɗaliba daga Gwale:
Na gode ƙwarai, Malam, na gode Baba Injiniya. Na fahimci lissafin gida ɗaya, amma kashi na uku ne yake ba ni wahala. Yaya zan nuna haɗuwar abubuwan biyu da lamba, alhali ni ba ɗalibar injiniyanci ba ce, kuma ba ni da ma'aunin kowace kwata a hannuna?

Tsohon Injiniya:
Ba sai kin zama injiniya ba, ninkawa da rabawa ne kawai. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake amfani da ita wajen ƙiyasta ruwan da ƙaramin yanki zai turo:

```
Q = C × i × A / 360
```

A nan A faɗin yankin ne da hekta, i ƙarfin ruwan sama ne da milimita a awa, C kuma shi ne kason ruwan da ba ya shiga ƙasa. Amsar, wato Q, tana fitowa da kubik mita a daƙiƙa. Lambobin da zan ba ki na misali ne, na zaɓe su domin sun yi kama da abin da ake gani, kuma dole ki faɗi haka a cikin muƙalar.

Ki ɗauki unguwa mai hekta 10 wadda duk ruwanta yake taruwa a kwata ɗaya, ana ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa. A lokacin da rabin fulotan kangaye ne da filaye, ki sa C ya zama 0.35, sai ki sami kusan 0.6. Bayan an gine ko'ina an yi daɓe, ki sa 0.8, sai ki sami kusan 1.3. Wannan shi ne ɓangaren ruwan da ke zuwa.

Yanzu kwatar. A ce ta kankare ce mai faɗin santimita 90 da zurfin santimita 90, tana gangarawa mita ɗaya a kowace mita 200. Idan tana da tsabta za ta ɗauki kusan 1.7. Idan yashi da shara suka cika rabinta, mutum zai zaci rabin wannan za ta ɗauka, amma ba haka ba ne. Ruwa marar zurfi ya fi jinkiri, kuma gindin da ya zama laka da ciyawa da tsummoki yana riƙe shi fiye da kankare mai santsi, don haka abin da za ta ɗauka yana sauka zuwa kusan 0.4, wato kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai ki jera halaye huɗu a jimloli huɗu. Unguwa mai filaye da kwata mai tsabta, 0.6 ne yake shiga hanyar da ke ɗaukar 1.7, babu abin da zai faru. An gine unguwar amma kwatar tana da tsabta, 1.3 a kan 1.7, za ta cika ta kusa baki amma za ta wuce da shi. Unguwa mai filaye da kwata a toshe, 0.6 a kan 0.4, ruwa zai ɗan malala a titi ya janye. An gine unguwar kuma kwatar a toshe, 1.3 a kan 0.4, ragowar 0.9 ce a kowace daƙiƙa. A cikin rabin awa wannan ya haura kubik mita 1,600. Idan ya bazu a kan hekta guda, zurfinsa santimita 16 ne, zuwa idon sawu da ɗan ɗori. Amma ruwa ba ya bazuwa daidai, kwari yake nema, kuma idan ya taru a rubu'in hekta a ƙarshen layi, zurfinsa ya haura santimita 60, ya wuce gwiwar babban mutum, ya wuce dokin ƙofar kowane gida. Wannan sakin layin shi ne zuciyar muƙalarki, domin ya nuna cewa kowanne daga cikin biyun shi kaɗai unguwar za ta iya jure masa a irin wannan ruwan, haɗuwarsu ce take shiga ɗaki.

Ki kuma faɗi iyakar lissafin. Ƙa'idar ta ƙaramin yanki ce, ba ta dace da birni gaba ɗaya ba, kuma ta ɗauka cewa ruwan yana sauka da ƙarfi ɗaya a ko'ina, abin da ba ya faruwa a zahiri.

Magini daga Hotoro:
Ranka ya daɗe, lissafin ya gamsar da ni, amma ina ganin an riga an sami maganin ɓangaren daɓe. Yanzu yawancin masu gida intalok suke sa wa a maimakon siminti, kuma intalok yana da tsaga tsakanin kowane dutse da ɗan uwansa, ruwa yana shiga ƙasa ta nan. Ina ganin ta sa shi a kan gaba a cikin shawarwarinta.

Tsohon Injiniya:
Malam magini, ka fi ni sanin yadda ake shimfiɗa shi, saboda haka kai zan tambaya: sau nawa mai gida yake cewa a fara shimfiɗa leda a ƙasa domin kada ciyawa ta fito? Kuma sau nawa ake daddale marmara da inji kafin a zuba yashi? Inda aka yi ɗaya daga cikin waɗannan, ruwan da ya bi tsagar ba shi da inda za shi. Ko inda ba a yi ba, ƙurar hunturu tana cike tsagar a hankali har ta daskare. Akwai irin da ake yi musamman domin shan ruwa, mai faffaɗar tsaga da aka cika da tsakuwa, a kan shimfiɗar tsakuwa mai kauri, kuma wannan yana aiki muddin ana share shi. Idan za ta ambaci intalok, to wannan za ta ambata, ta kuma bambanta shi da wanda muke gani a gidajen mai.

Magini daga Hotoro:
Maganar leda haka take, mafi yawan masu gida suna nema. Amma ban yarda cewa wanda babu leda daidai yake da siminti ba, domin na sha ganin farfajiyar intalok ta tsane da wuri, ta siminti kuwa tana turo ruwa waje har a gama.

Tsohon Injiniya:
A yayyafi da matsakaicin ruwa ina tare da kai. A ruwan da muke magana a kansa, mai milimita 60 a awa, bambancin yana raguwa sosai. Ita dai ta rubuta cewa ya fi siminti, amma bai kai ƙasa ba.

Dattijo daga Cikin Gari:
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma na ji an bar abu guda wanda mu da muka tashi a cikin ganuwa ba za mu iya mantawa da shi ba, wato kududdufai. Ramukan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidaje su ne suke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako, su riƙe shi, ya riƙa tsanewa a hankali, abin da ya yi saura ya gangara rafin Jakara. Kusan kowace unguwa tana da nata. A idonmu aka riƙa cike su da shara, daga baya a zuba ƙasa, a yanka fuloti, a ɗora shaguna. Ruwan da yake zuwa can bai daina zuwa ba, sai dai yanzu gidajen mutane yake tararwa a wurin. Kuma Jakara kanta, wadda ta ratsa gari ta gefen kasuwar Kurmi, an rufe wani dogon ɓangarenta an shimfiɗa titi a kai a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Wari ya ragu, sauro ya ragu, yara sun daina faɗawa, wannan ba mai musu. Amma abin da ido ba ya gani ba a cika tunawa da yashe shi ba. 'Yata, idan muƙalarki a kan Kano ce, kuma babu kududdufi a cikinta, ba ki gama ba.

Malam Mai Alli:
Baba ya kawo abin da zai bambanta muƙalarta da ta ɗalibin da ya kwafo daga littafin wata ƙasa. Ni a tsari zan sa kududdufai a ƙarshen kashin farko, domin cike kududdufi a gina shi asara biyu ce a lokaci ɗaya: an rasa wurin ajiyar ruwa, an kuma ƙara sabon rufi. Idan kika koma lissafin Injiniya, kududdufi mai faɗin mita 40 da tsawon mita 40 da ke da sararin mita ɗaya a sama zai shanye kusan dukkan ragowar nan da ta ɗan haura kubik mita 1,600. Sai dai ki yi adalci, ki faɗi cewa mutanen da suka nemi a cike su suna da hujjarsu ta sauro da ƙazanta da nutsewar yara.

Na Damagaram:
Gaisuwa ga iyaye. Mu ma a Damagaram muna da irin waɗannan tafkunan cikin gari, kuma ana cin bakinsu da gini kamar yadda Baba ya faɗa. Amma ni a kan rufe magudana ba na tare da masu shakka. Kwatar da take a buɗe ita ce take gayyatar shara, domin duk mai wucewa yana ganinta a matsayin juji. A rufe ta da marfin kankare, a bar ƙofofin da ruwa zai shiga masu raga, sai a huta.

Tsohon Injiniya:
Wannan muhawara ce da injiniyoyi kansu ba su gama ba. Rufaffiyar tana hana shara mai girma, amma ba ta hana yashi, kuma ragar bakin shiga ita ce farkon abin da leda take rufewa, sai ka ga titi cike da ruwa alhali kwatar da ke ƙarƙashinsa rabinta ma ba ta cika ba. Buɗaɗɗiya tana tara shara, amma matasan layi da shebur da baro za su iya yashe ta a safiya ɗaya. Rufaffiya tana bukatar a bar marafan da mutum biyu za su iya ɗagawa a kowane 'yan mitoci, kuma a sami wanda aikinsa ne ya ɗaga su. Ni ba zan sa ɗaliba ta yanke hukunci a kan wannan ba, ta kawo ɓangarorin biyu.

Hajiyar Kurna:
Tunda an zo maganar yashewa, ki rubuta wannan da babbar murya, 'yata. Samarin layinmu suna fitowa aikin gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, su shiga kwata har gwiwa, su fito da baƙar laka su tara a bakin hanya tuli-tuli. Daga nan sai a jira motar kwashewa. Tulin ya bushe, awaki su tone, 'yan adaidaita su bi ta kai, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Kuma ba kowa ne yake zuba shara a lambatu don mugunta ba, akwai wanda bola mafi kusa da shi sai ya biya kuɗin mota. Kada ki ɗora laifin duka a kan matan gida.

Ɗaliba daga Gwale:
In sha Allah zan sa shi, Hajiya. Ga yadda tsarin ya koma. Gabatarwa za ta ware ambaliyar kogi da madatsa gefe, ta faɗi jimlar da zan kare. Kashi na farko ruwan da ke zuwa, da lissafin fuloti ɗaya da maganar lokaci da kududdufai. Kashi na biyu hanyar da ta ƙuntata, da yashi da shara da gini a kan magudana. Kashi na uku halaye huɗun nan. Kashi na huɗu abin da za a yi, kowace shawara a ɗaure da ɓangaren lissafin da take gyarawa. Abin da ya rage mini shi ne wani abokin karatuna ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, sauyin yanayi ne ya sa ruwa ya ƙaru. Kuma ina so in je in duba wata kwata a unguwarmu, amma ban san abin da zan duba ba.

Tsohon Injiniya:
Abokin naki ki ba shi sakin layi guda kafin kammalawa, domin yana da wuri a cikin ƙa'idar: sauyin yanayi yana taɓa i, daɓe yana taɓa C. Idan ƙarfin ruwa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, 1.3 zai koma kusan 1.6, wanda kwata mai tsabta a misalinmu za ta ɗauka da ƙyar, toshasshiya kuwa dama ta riga ta gaza. Idan za ki ce ruwan Kano ya ƙaru, sai kin samo alƙaluma daga hukumar hasashen yanayi ta NiMet, kuma ki nemi na ruwan yini-yini, domin jimillar shekara ba ta nuna ƙarfin ruwan awa guda.

Game da dubawa, ki tafi da sanda da tef ɗin awo da wani babba daga gida. Ki auna faɗin kwatar, sannan ki soka sandar har ta taɓa kankaren gindi domin ki san kaurin lakar, ki yi haka a wuri uku ko huɗu, musamman dab da kwalbati. Idan kin ga ruwa a kwance ba ya motsi alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba, ko ciyawa ta tsiro a ciki, akwai abin da ya tare gaba. Alama mafi amfani kuwa sai ana tsakiyar ruwa ake ganinta, kuma daga nesa za ki tsaya, kada ki kusanci baki ko ki taka ruwan da ba ki ganin ƙasansa. Idan ruwa ya cika ya tumbatsa a bakin shiga kwalbati amma yana fita kaɗan a ɗaya gefen, kwalbatin ne ya toshe ko ya yi ƙanƙanta. Idan gefen biyu duk a cike suke ruwan kuma ba ya gudu, matsalar tana can gaba, sai ki bi kwatar bayan an ɗauke har ki ga inda take zubawa. Sau da yawa za ki tarar ta ƙare a jikin katangar wani. Washegari ki auna tsayin zanen da ruwa ya bari a bangon gidaje, ki tambayi mai unguwa shekarar da aka gine filin ƙarshe a layin.

Dattijo daga Cikin Gari:
Idan za ki wurin mai unguwa, ki tambaye shi har da inda kududdufin unguwar yake a da da sunansa, domin tsofaffi suna riƙe da sunayen. Sai ki duba ko gidajen da kika auna zanen ruwa mafi tsayi a jikinsu a nan suke.

Na Damagaram:
Ni har yanzu ina kan bakana game da rufe magudana. Injiniya, idan akwai inda aka rufe kuma aka ci gaba da ɗaga marafan ana yashewa kafin kowace damina, ina so in ji ko ruwa ya ci gaba da kwanciya a titin ko ya daina.